Mako Bakwai Ina Bin Sawun Fayil Ɗina

Shekara 35 na yi ina ɗaure wa mutane fayil, ina buga wa takardunsu lamba da jan biro, amma ranar da aka ce in kawo takardar ɗaukata aiki ta farko, ba ni da ita. Wata damina ce rufin ɗakina ya zuba cikin akwatin ƙarfen da nake ajiya, takardun suka manne da juna suka koma kamar waina. Ban damu ba a lokacin, don na san akwai kwafinta a fayil ɗina na ofis. Ni da nake akawun rajistiri, in wani zai amince da fayil ai ni ne.

An ɗauke ni aiki ranar 1 ga Maris 1979 a matsayin mataimakin akawu, mataki na 03. Na ajiye aiki ƙarshen Fabrairu 2014 ina babban akawu, mataki na 07, wanda shi ne ƙarshen tsanin irinmu. Tun daga nan fanshona yake shigowa, wani watan da wuri, wani watan sai an shiga na gaba, amma dai yana zuwa. Sai a ƙarshen Oktoba 2022 aka yi sanarwa a rediyo cewa duk ɗan fansho ya fito tantancewa, wanda bai zo ba za a ɗauka ya mutu ko kuma dama babu shi. Aka lissafo abin da za a riƙo: takardar ɗauka aiki ta farko, ta tabbatarwa a aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, ta amincewa da ritaya, shaidar haihuwa ko rantsuwar shekaru, lambar BVN da ta NIN, takardar banki mai nuna shigar fansho, da hoto guda biyu. Na zuba abin da nake da shi a leda, na ce wa uwargida kada ta jira ni da abincin rana amma da la'asar ina gida.

Ƙarfe shida da rabi na isa wurin tantancewar, na tarar da mutane sun fi ɗari. Wani dattijo da ba ma'aikacin wurin ba ne ya yagi takarda yana rubuta sunaye, ya ba ni lamba 143. Sanyin hunturu ya fara shigowa, an jera bencina a ƙarƙashin dalbejiya, waɗanda ba su samu ba suka shimfiɗa ɗankwali ko kwali. Akwai wanda 'ya'yansa suka kawo a kan katifa cikin motar ɗaukar kaya. Sai bayan azahar aka kira lambata.

Yarinyar da ke kan kwamfuta ba za ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba. Ta ce, "Baba, ɗora babban yatsa." Na ɗora, na'urar ta ƙi. Hunturu ya busar da fatar, tsufa ya shafe zanen. Ta ce in goga yatsan a goshina ya ɗan sami maiƙo. Na goga, na sake ɗorawa, ta karɓa. Har na fara tattara ledata sai na ga ta yi shiru tana duban allon, sannan ta juyo shi ta nuna min layi uku da suka yi ja.

"Baba, sunanka bai zo ɗaya ba, ranar haihuwarka ba ta zo ɗaya ba, sannan a nan an rubuta ka fara aiki a 1991, kai kuma ka cika fom ka ce 1979."

Na ce, "'Yata, a 1991 ina da 'ya'ya huɗu da albashin gwamnati nake ciyar da su."

Ta ce ta yarda, amma kwamfuta ba ta san wannan ba. Ta miƙo min 'yar takarda mai ruwan ɗorawa, ta ce in je teburin ƙorafi. Masu farar takarda su ne suka tsallake, kuma a ranar na ga sun fi mu yawa, amma mu ma mun cika benci uku.

Maganar suna ba ta ba ni mamaki ba. A makarantar firamare an rubuta ni Mamman, aka liƙa min sunan garinmu a baya, kamar yadda aka yi wa yawancin 'yan zamaninmu, don a aji ɗaya sai ka tarar da Mamman biyar. Da wannan sunan na shiga aiki. Da na je buɗe asusun banki kuwa, sai na ba da Muhammadu da sunan mahaifina, don shi nake ganin sunana na gaskiya. Ranar haihuwa kuma, fayil ya ce 1957. A banki, lokacin rububin yin BVN a 2015, yaron da ya cika min fom ya tambaye ni shekaruna a tsaye cikin hayaniya, ya rubuta 1 ga Janairu 1960. In ka bincika tsofaffi a layin banki, za ka sha mamakin yawan waɗanda aka haifa ranar 1 ga Janairu.

A nan na kusa yin kuskuren da zai ƙara min wata guda. Wani yaro cikin masu zagaye harabar kotu da fom a hannu ya ce abin mai sauƙi ne, in yi sabuwar rantsuwar shekaru a kan 1960 ta yi daidai da ta banki, a wuce wurin. Har na ciro kuɗi. Allah ya haɗa ni da sakataren ƙungiyarmu ta 'yan fansho, tsohon ma'aikacin baitulmali, ya janye ni gefe ya ce, "Malam Mamman, kai fa akawu ne. Ana gyara tsohuwar takarda don ta bi sabuwa?" Ya yi min bayani cewa a aikin gwamnati shekarar da ka bayar ranar shiga aiki ita ce shekararka har abada, ba a canza ta. In na rantse a kan 1960, na zama mai rantsuwa biyu masu karo da juna, kuma mai tantancewa zai ɗauka rage shekaru na yi. Abin yi shi ne a ja banki ya dawo kan fayil. Na duba katin NIN ɗina, Allah ya taimake ni 1957 ke jiki.

Don haka rantsuwa ɗaya na yi a kotu, cewa Mamman mai sunan gari da Muhammadu ɗan wane mutum ɗaya ne, kuma duk takardun da ke ɗauke da kowanne suna nawa ne. Na kai aka buga a jarida, na sayi kwafi biyu. A banki na cika fom ɗin gyara, na haɗa da tsohuwar rantsuwar shekaruna da takardar NIN. Ma'aikacin ya gargaɗe ni cewa sau ɗaya ake yarda a gyara ranar haihuwa a BVN, in tabbata kafin in sa hannu. Kwana tara aka yi kafin gyaran ya bayyana. Wannan duk gajiya ce ta ƙafa da ta aljihu, amma hanyarta a fili take.

Layin ja na uku shi ne ya hana ni barci, kuma sai da na zauna da biro na gane girmansa. A tsohon tsarin fansho, wanda ni na fita a kansa, wanda ya yi shekara 10 yana samun kashi 30 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe, kowace shekara da ta ƙaru kuma ana ƙara kashi 2, har a tsaya a kashi 80 ga mai shekara 35. Albashin da aka yi min lissafi a kansa naira 50,000 ne a wata, saboda haka nake karɓar 40,000. In aka ce daga Oktoba 1991 na fara, shekara 22 ke nan da 'yan watanni da ba su kai rabin shekara ba, wato kashi 54, naira 27,000. Bambancin 13,000 ne kowane wata. Ragin gaba kaɗai ya isa tashin hankali, amma akwai na baya: in aka tsaya a kan 1991, za a ce shekara takwas ana biyana fiye da haƙƙina, 156,000 a shekara, sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ke nan, ban da garatutin da aka lissafa a kan kashi 300. Sai in wayi gari gwamnati na bin akawunta bashi.

Na san daga ina 1991 ta fito. A watan Agusta na shekarar gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro sababbin jihohi, garinmu ya faɗa cikin sabuwa, aka raba ma'aikata kowa ya koma jiharsa ta asali. Mun zo a bayan tirela da kabad-kabad da tebura, muka yi ofis a ajujuwan wata makaranta. Ranar 7 ga Oktoba 1991 na kama aiki a nan, aka buɗe min sabon fayil, aka rubuta ranar a bangonsa. Waɗanda aka ɗauko su shigar da bayananmu cikin kwamfuta sun ga kwanan wata a bango, suka buga shi a gurbin ranar fara aiki. Ba su buɗe ciki ba. Ni ma da na horar da yara a rajistiri, abu na farko da nake gaya musu shi ne bango ba shaida ba ne, amma waɗannan ba ni na horar da su ba.

Jami'in teburin ƙorafi mutum ne mai fara'a, ya ce in rubuto takarda zuwa ga shugaban ofishin, za a ciro fayil ɗina a duba, magana ta ƙare. Na rubuta da hannuna a daren, na yi kwafi, na kai, na sa aka buga min hatimin karɓa a kan kwafina. Wannan kam ban manta da shi ba: takardar da ba ka riƙe shaidar karɓarta ba, ba ka kai ta ba. Aka ce in dawo Alhamis.

Alhamis aka ce mai makullin ɗakin fayil ya tafi ta'aziyya. Litinin aka ce an duba ba a gani ba, ana kan nema. Laraba babu wuta, ɗakin kuma duhu. Daga unguwarmu zuwa sakatariya hawa biyu ne a adaidaita sahu, zuwa da dawowa naira 600 a lokacin, ga ɗan abin da za ka sa a baki. Na fara sanin masu benci da fuska: tsohuwar ungozoma da aka haɗa lambar asusunta da ta wani, direban da aka rubuta ya rasu yana zaune yana cin gyaɗa, matar wani malamin makaranta da ke bin haƙƙin marayu da takardar gado daga kotu. Kullum da la'asar wani zai fito ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku dawo gobe." Muryar da yake faɗa da ita na san ta, domin tawa ce. Ban ƙirga mutanen da na faɗa wa haka ta tagar rajistiri ba, wani lokaci don fayil ɗin na teburin maigida, wani lokaci kuwa don kawai lokacin tashi ya kusa kuma kabad ɗin yana da nisa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ƙarshen Nuwamba ya zo, wayoyin maƙwabtana 'yan fansho suka yi ƙara, tawa shiru. Duk mai takarda ruwan ɗorawa an dakatar da shi sai an warware. Uwargida ba ta ce komai ba, sai na ga tunkiyar da take kiwo don babbar sallah ba ta turke. A makon ne wani mutum mai tsabtar kaya ya zauna kusa da ni a benci ya ce yana da hanya a ciki, in na ba da 20,000 fayil zai fito kafin Juma'a. Na tambaye shi lambar fayil ɗina nawa, a wane kabad yake. Ya ce wannan ba matsala ba ce. Na ce to ni ita ce matsalata, ya tashi.

A mako na huɗu aka kira ni ciki da murna, wai an samu. Aka ajiye min wani siririn fayil, ina ganinsa na san na wucin gadi ne, irin wanda ake buɗewa in babban ya yi nisa. Takarda shida ne ciki, duk daga 2014 zuwa sama, har da ƙorafin da na rubuta. A nan na daina zaman benci. Na ce wa shugaban rajistirin, "Ranka ya daɗe, ni ma ɗan gida ne, wannan kujerar taka na zauna a irinta. Ba fayil nake roƙo ba, littafin shige da ficen fayil na 2014 nake so a duba min."

Wanda bai yi aikin ba ba zai san wannan ba. Fayil ba ya tafiya da ƙafarsa. Duk lokacin da zai bar rajistiri, ana rubuta lambarsa da ranar da inda za shi, masinja ya ɗauka da littafin aike, wanda ya karɓa ya sa hannu. Idan an ce fayil ya ɓace, ma'anarsa ba wanda ya bi sa hannun ƙarshe. Tambayar "ina fayil ɗina" kowa na iya amsa ta da "ana nema". Tambayar "wa ya sa hannu ya karɓa, ran nawa ga wata" kuwa sai an buɗe littafi.

Ya dube ni, ya yi dariya, ya sa aka sauko da littattafan daga saman kabad, ƙura ta turnuƙe mu. Muka bi shafi-shafi da yatsa. A watan Mayu 2014 ga lambata: an aika ofishin odita don a tabbatar da lissafin garatuti. Babu layin dawowa. Na tafi ofishin odita, na yi musu irin wannan roƙon. Nasu littafin ya nuna fayil ya fita a Yuli, amma ba ofishin fansho aka mayar da shi ba, tsohuwar ma'aikatarmu aka kai, domin sunanta ke bango. Ita kuwa ma'aikatar tuni aka haɗe ta da wata, aka canza mata suna, aka tashe ta daga ginin. Sa hannun wanda ya karɓa wani ƙugiya ne mai jela, na gane shi nan take. Baba masinja ne, wanda muka yi shekara 19 tare, bai iya rubutu ba sai wannan ƙugiyar.

Na same shi a ƙofar gidansa a bayan kasuwa, ido ya yi rauni amma kai garau. "Malam Akawu, kai ne a gidana? Lafiya?" Da na gaya masa, bai yi dogon tunani ba. Ya ce ranar da aka kwashe ofis, fayilolin waɗanda suka yi ritaya da matattu ba a kai su sabon gini ba, an ɗaure su da igiya an zuba a sito na bayan garejin motoci, shi ya loda su da hannunsa. Ya ce in nemi ɗaurin da ke jikin bangon gabas, don nan rufin bai yoyo. Da tsohuwar zuma ake magani. Na ba shi goro da abin da ya sawwaƙa, ya ƙi karɓar kuɗin sai da na ce na jikoki ne.

Sai da na sake rubuta takarda kafin a buɗe siton, aka haɗa ni da wani yaro ɗan bautar ƙasa. Kwana biyu muka yi ciki, na ɗaure hanci da hankici. Gara ta ci ɗaurin da ke ƙasa har sun zama ƙasa su ma. Ranar ta biyu da hantsi yaron ya ɗago wani ya karanto lambar, na ce masa ya sake karantawa. Shi ne. Har igiyar da ke jiki irin ɗaurina ce.

Murnar ba ta daɗe ba. Ina buɗewa na ga takarda ta farko lambarta 112. A rajistiri kowace takarda da ta shiga fayil ana ba ta lamba a kusurwar sama, bi da bi, don a gane in an zare wata. Idan fayil ya fara da 112, to kundi na biyu ne, na farkon mai ɗauke da 1 zuwa 111 yana wani wuri. A cikinsa takardar ɗauka aiki take, da ta tabbatarwa. Bai taɓa hawa tirelar 1991 ba.

Duk da haka kundin na biyu yana da takardar lissafin garatutina ta 2014, an rubuta 1 ga Maris 1979 ɓaro-ɓaro, da sa hannun odita. Na kai wa jami'in ƙorafi ina ganin an gama. Ya karanta ya girgiza kai. Ya ce wannan takardar ta kwafo ranar ne daga wani wuri, ita ba tushe ba ce, kuma da irin waɗannan takardun lissafin aka shigar da sunayen bogi a baya, shi ya sa aka hana su karɓa su kaɗai. Sai an kawo abin da aka rubuta a zamanin da abin ya faru. Raina ya ɓaci, amma in don gaskiya, da ni ke kujerarsa abin da zan faɗa ke nan. Shi ne ma ya ce, "Baba, ka gwada Gazet."

Kunya ta kama ni da ban tuna da kaina ba. Gazet ita ce jaridar gwamnati da ake buga sanarwar ɗauka aiki, tabbatarwa, ƙarin girma da ritaya, da suna da muƙami da ranar da abin ya fara aiki. A da mu muke tattara sunayen mu aika maɗaba'a. Abin da ya shiga Gazet an buga shi ɗaruruwa an rarraba, ba mai iya zare shi kamar takarda a fayil.

Na ranci kuɗin mota wurin surukina na tafi babban birnin tsohuwar jiharmu, tafiyar awa uku, na sauka gidan wani ɗan'uwa. A ofishin shugaban ma'aikata suka nemi kundi na farko kwana guda ba su gani ba, ban kuma matsa ba. Na wuce ɗakin ajiyar maɗaba'ar gwamnati inda aka ɗinke Gazet shekara-shekara. Na fara da 1979, na bi ta daga Maris har Disamba, babu sunana. Gabana ya faɗi. Sai na tuna ƙananan ma'aikata irinmu sau da yawa ba a aika sunayenmu da wuri, wani lokaci sai an tara. Na kuma tuna ana tabbatar da ma'aikaci ne bayan gwajin shekara biyu, don haka na tsallaka 1981. A wata fitowa ta wajen ƙarshen shekarar, ƙarƙashin tabbatarwa a aiki, ga Mamman mai sunan gari, mataimakin akawu, daga 1 ga Maris 1981. Wanda aka tabbatar a Maris 1981 ba zai zama ya fara aiki a 1991 ba, kuma in ka cire shekara biyun gwaji ka dawo daidai kan 1979.

Ma'ajin ɗakin, wata Hajiya mai gilashi, ta ce kada in tsaya nan. Ta fito min da jerin sunayen rabon ma'aikata na 1991, wanda kwamitin raba kadarori ya yi aiki da shi. Kowane suna da lambar fayil, da mataki, da ranar fara aiki, da jihar da aka tura shi. Sunana na shafi na 37, da 1-3-79 a gabansa, bugun tafireta. Aka yi min fotokwafin duka biyun, amma ta ce fotokwafi tsirara ba ya aiki, sai jami'i ya buga hatimin cewa kwafin gaskiya ne daga asali, ya sa hannu da kwanan wata. Wannan ya ci wani yini, don mai hatimin yana taro.

Na dawo na rubuta takarda ta uku, gajera, na lissafa abin da na haɗa ɗaya bayan ɗaya, na ambaci lambar takardar lissafin da ke kundi na biyu don kada mai karantawa ya sha wahalar nema. Daga nan na bi fayil ɗin da kaina, ba a hannuna ba, a littafi. Kullum da safe in leƙa rajistiri in tambayi inda ya kwana. Daga jami'in ƙorafi ya hau wurin mataimakin darakta, ya yi kwana biyu. Darakta ya yi tafiya, ya jira shi kwana huɗu. Ya gangara wurin odita na cikin gida, ya dawo da tambaya ɗaya, wai ina asalin jaridar da aka buga sunana, na ciro kwafi na biyu daga leda. Yaran rajistirin suka fara ce min Baba Sufeto. Ranar Alhamis ta mako na bakwai shugaban ya sa hannu a gyara.

Yarinyar nan ta kan kwamfuta ta gane ni. Ta goge 1991 ta buga 1979, abin bai kai minti ɗaya ba. Na goga yatsa a goshi tun kafin ta ce, ta yi dariya, aka ɗauki hotona, farar takarda ta fito. Na tambaye ta direban da aka ce ya rasu fa, ta ce nasa sai ya kawo takarda daga mai unguwa da dagaci cewa yana raye. Da na fito na same shi a benci, na zauna na rubuta masa takardar da zai kai, na kuma gaya masa ya riƙe kwafi mai hatimi.

An riga an rufe lissafin Disamba, na Janairu ma bai zo da sunana ba. Sai a Fabrairu 2023 wayata ta yi ƙara, naira 120,000, na watan da bashin wata biyu. Ya faɗo daidai lokacin canjin kuɗi, ga kuɗi a asusu ga layin banki har titi, mai POS kuma yana cire nasa kafin ya ba ka 'yan tsirarun takardu. Na zauna da biro na lissafa: Nuwamba, Disamba, Janairu, Fabrairu, wata huɗu ne, 160,000. Na Nuwamba bai zo ba.

Na sayi farar takarda a shagon ƙofar gida, na rubuta ta huɗu, na yi kwafi. Uwargida ta ga ina ɗaukar leda ta ce, "Malam, yau ma in ajiye maka abincin rana?" Na ce ta ajiye na dare.